Farar shaddar ango ta mayar min da bidiyon biki rawaya, ta ina ake fara gyaran kala?

Autan Edita:
Assalamu alaikum manya. Ina da aikin biki a hannu, ran Alhamis zan miƙa, kuma kalar ta ƙi zama. Kyamara biyu muka yi amfani da su a wurin dina, tawa da ta wani abokin aiki. Bayan na gama yanka, shot 140 ne a kan `Timeline`, a DaVinci Resolve nake aiki. Na ɗora wani LUT da na saba sa wa hotunan waje, sai shot ɗin kyamarata suka yi kyau daidai gwargwado, na ɗayar kuma fuskokin mutane suka yi kore-kore kamar marasa lafiya. Na ce to bari in gyara farin. Na ɗauki ɗan tsinken nan na `White Balance` na danna a kan babbar rigar ango tunda farar shadda ce, sai hoton gaba ɗaya ya koma rawaya, har haƙoran mutane. Yanzu duk shot ɗin da na gyara shi kaɗai sai in ga ya yi, amma da na kunna su a jere kamar a hol uku daban aka yi bikin. Me nake yi ba daidai ba?

Mai Tafiya da Kyamara:
Wa'alaikumussalam. LUT ɗinka ne bai dace da cikin hol ba, na waje daban na ciki daban. Ina da wasu guda talatin na biki zalla, ka yi min magana in tura maka, za ka samu wanda zai hau.

Tsohon Hannu:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Kafin ka karɓi wani LUT, cire wanda ka sa tukuna. Shi LUT bai san abin da ke cikin hotonka ba. Jadawali ne kawai: duk kalar da ta shigo kaza, ya fitar da ita kaza. Idan ka ba shi shot biyu da farinsu bai zo ɗaya ba, zai fitar da su daban, kuma tunda yawancinsu suna ƙara ƙarfin kala da bambancin haske da duhu, ɗan koren da ido bai kama ba a da sai ya fito fili. Abin da ya sami kyamara ta biyu ke nan. Ko guda ɗari aka turo maka, haka kowanne zai yi.

Maganar shadda kuwa, ka faɗa ramin da kusan duk mai aikin biki ya taɓa faɗawa. Farar shadda ba fara ba ce tas. Akwai sinadarin ƙara haske da ake sa wa farin yadi tun daga masaƙa, wanda yake sa shi ɗaukar shuɗi-shuɗi, sannan mai wanki ya zo ya ƙara bula. Shi tsinken nan abin da ka gaya masa shi ne, wannan wurin ba shi da kala, ka mayar da shi haka. Sai ya ga shuɗi ya yi yawa, ya janye shuɗi daga hoton duka. Idan ka janye shuɗi kuwa, rawaya ce ke saura. Don haka abin da ka umarce shi ya yi.

Tambaya biyu kafin mu ci gaba. A kan wane Kelbin, wato ma'aunin kalar haske, kowace kyamara take lokacin ɗauka? Kuma `Log` kuka ɗauka, wato hoton nan mai dishi-dishi da ake gyara kalarsa daga baya, ko hoton da kyamara ta riga ta dafa?

Autan Edita:
Na gode Oga. Wallahi ban taɓa kawo maganar bula a raina ba. Tawa na kulle ta a 5600 tun daga wurin kamu da rana, na manta ban canza ba da muka shiga hol. Ta abokina yanzu na kira shi, ya ce a `AWB` ya bar ta, wato ita take daidaita fari da kanta. Duka biyun ba `Log` ba ne, `Standard` ne, 8-bit. Fitilun hol ɗin kuma iri biyu ne: na rufi farare ne ƙal, na wurin zaman ango da amarya kuma masu ruwan ɗorawa ne, irin waɗanda masu kwalliyar wuri suke jerawa.

Tsohon Hannu:
Madalla, yanzu hoton ya fito. Taka mai sauƙi ce duk da ka manta, domin kuskurenta iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. 5600 na hasken rana ne. Fitilun ɗorawar nan suna tsakanin 2700 da 3200, shi ya sa duk shot ɗin da ka ɗauka a gaban ango da amarya zai yi ruwan goro, kuma da ƙima ɗaya zai yi. Gyara ɗaya zai wadatar da su duka. Ta abokinka ce mai wahala, domin `AWB` tana sake shawara duk lokacin da ya juya kyamara. Ya kalli inda ƙawayen amarya suke da jan anko, ta ga ja ya yi yawa ta ja hoton zuwa kore da shuɗi. Ya juya wajen fararen kujeru, ta dawo.

Ga yadda za ka yi da hannunka. Ka zaɓi shot ɗaya na kyamararka inda ango da amarya suke zaune, fuskokinsu a bayyane. Ka nemi wani abu da ka tabbata ba shi da kala kuma hasken da ke dukan fuskarsu shi ke dukansa: farar takarda a hannun mai gabatarwa, farin faranti, takardar goge hannu a kan teburinsu, ko toka-tokan jikin makirfo. Ka buɗe `Parade` a cikin `Scopes`, za ka ga ja, kore da shuɗi a jere, ma'auninsu daga 0 zuwa 1023. A cikin ɗigo ukun nan na saman `Scopes` ka kunna `Display Qualifier Focus`, sai duk inda ka ɗora linzami a kan hoto ya nuna maka matsayinsa a kan kowace kala. Ka ɗora a kan farin abin, ka zo ka faɗa mana lambobi ukun.

Hattara da abu ɗaya: kada ka zaɓi farin da ya ƙone. Idan abu ya kai 1023 a kala ukun, za ka ga sun yi daidai da juna, ka ɗauka ya zauna, alhali silin suka buga kawai. Ka nemi wanda yake tsakanin 500 da 800.

Uwar Ɗakin Hoto:
Ni daga ɓangaren hoto maras motsi nake, amma bari in ƙara wani abu a kan zaɓen farin. Ku guji labulen ado da mayafin teburi idan akwai fitila mai kala a kusa da su, domin farin yadi madubi ne, duk kalar da ke gefensa zai ɗauka. Na taɓa daidaita fari da gyalen wata baiwar Allah da ke tsaye kusa da jan kafet, hotuna kusan sittin na ɓata kafin na gane jan daga ƙasa yake tasowa. Tun daga ranar ina da katin toka na kashi 18 a jakata. Kafin amarya ta shigo, nakan ba wani yaro ya riƙe shi a daidai kujerarta, in ɗauka sau ɗaya. Daƙiƙa biyar ne. Ku masu bidiyo ban san me ya sa ba ku damu da shi ba.

Autan Edita:
Anti gaskiya ne, daga yau zan nema. Oga na samu, akwai farar takardar goge hannu a teburinsu. Ja yana wajen 700, kore 640, shuɗi 520.

Tsohon Hannu:
To ka ga ciwon a rubuce. Abin da ba shi da kala dole ukun su tsaya a layi ɗaya. Naka ja ya haura da 60, shuɗi ya gaza da 120. Mu bar kore a inda yake, tunda shi ne ya fi ɗaukar nauyin haske, mu kawo sauran biyun wajensa.

A nod na farko, wato akwatin gyara na farko a shafin kala, ka sa `Lum Mix` a 0 tukuna. Idan ka bar shi a 100, duk sanda ka taɓa kala ɗaya Resolve zai motsa sauran biyun don ya riƙe haske, sai ka yi ta bin su kamar mai kamun fara. Sannan ka je lambobin da ke ƙarƙashin `Gain`. Lissafin rabawa ne kawai:

```
R: 640 / 700 = 0.91
G: 640 / 640 = 1.00
B: 640 / 520 = 1.23
```

Ka rubuta 0.91 a ja, 1.23 a shuɗi, ka sake duba takardar. Ba lallai su hau kan juna cif-cif ba, idan tazarar ba ta wuce 10 ba ka bari haka. Daga nan ka nemi wani baƙin abu, kamar jikin sifika ko baƙar kwat, ka duba ƙasan `Parade`. Idan gindin kala ukun bai zauna tare ba, ka ɗan taɓa `Lift`, kaɗan ƙwarai, sannan ka koma ka sake duba farin, domin `Lift` yana ɗan jan sama.

Amma ka lura da 1.23 ɗin nan. Ɗaga shuɗi da kusan kwata a fayil na 8-bit ba kyauta ba ne. Matakai 256 kawai kowace kala take da su, kuma a ƙarƙashin fitilar ɗorawa shuɗi shi ne ya sami haske mafi ƙaranci, shi ne ya fi ƙura. Ka faɗaɗa hoton ka kalli inuwa da bangon baya. Idan ka ga ɗige-ɗige suna rawa ko bango ya yi layi-layi, ka sauko zuwa 1.15 ka haƙura da ɗan ɗumin da ya saura.

Mai Tafiya da Kyamara:
Yallaɓai a nan kam ban yarda ba. Ni abin da na koya kuma nake yi kullum, da `Offset` ake daidaita fari, domin shi yake motsa hoton gaba ɗaya. `Gain` ai na wurare masu haske ne kawai. Kuma me ya sa za a wahalar da yaro da lissafi ga `Temp` da `Tint` nan a gabansa?

Tsohon Hannu:
Malam, da me kake ɗauka?

Mai Tafiya da Kyamara:
`S-Log3`, kusan kullum.

Tsohon Hannu:
To shi ya sa `Offset` yake yi maka aiki, kuma ka ci gaba da shi. Kalar fitila ninkawa take yi wa hasken da ya shiga kyamara: a ce ja ya ninku da kaza, shuɗi ya ragu da kaza, a ko'ina cikin hoton. A hoton `Log`, ninkawa tana komawa tarawa, shi kuma `Offset` tarawa yake yi, sai suka dace. Amma hoton wannan yaro ba `Log` ba ne. Idan ya tara wa shuɗi 120 da `Offset`, takardar za ta yi fari, amma baƙin da yake a 30 shi ma zai sami 120 ɗin, duk inuwa ta koma shuɗiya. `Gain` kuwa ninkawa yake yi: na 520 ya ƙaru da yawa, na 30 ya ƙaru da bakwai kacal, sifili ya zauna a sifili. An fi ganin tasirinsa a sama, shi ya sa ake cewa na wurare masu haske ne, amma duk hoton yake taɓawa.

`Temp` da `Tint` ban hana ba, ni ma ina amfani da su idan ina sauri. Sai dai a sani lambar `Temp` ta shafin kala ba Kelbin ba ce, kada wani ya rubuta 3200 a wurin yana zaton ya mayar da kyamara 3200. Kelbin na gaske sai a `Camera Raw`, ga wanda ya ɗauki `RAW`. Na sa shi ya yi lissafin ne sau ɗaya don ya ga abin da hannunsa yake yi.

Mai Tafiya da Kyamara:
Na karɓi wannan. Amma ni har yanzu haske nake fara gyarawa kafin fari. Hoton da ya yi duhu ba ka ma ganin kalarsa balle ka daidaita.

Tsohon Hannu:
Ba mu saɓa sosai ba a nan. Idan shot ya yi duhu ƙwarai ni ma sai na ɗaga shi kusa da inda ya dace, in daidaita fari, in dawo in ƙarasa hasken. Abin da ba na yarda da shi shi ne a taɓa ƙarfin kala ko a ɗora LUT kafin waɗannan biyun su zauna.

Ɗan Waya Zalla:
Salam. Ni ma ina da irin matsalar nan. Idan na gama bidiyo a waya yana da kyau, da na ɗora a sitatus sai ya dushe ya yi dishi-dishi. Wane saiti zan sa?

Uwar Ɗakin Hoto:
Ƙanena taka daban ce, matse fayil ne ake yi lokacin ɗorawa, ba ruwan daidaita fari. Ka buɗe tambayarka daban za a amsa maka. Sai dai ka tuna min da wani abu da ya shafi Auta. Auta, ka duba sikirin ɗin da kake aiki a kai. Idan `Night light` a kunne yake, komai zai yi maka rawaya, kai kuma ka yi ta ƙara shuɗi. Kuma kada ka yi aikin kala a ɗakin da hasken taga yake canzawa daga azahar zuwa magariba. Ido yana sabawa da kowace kala cikin ɗan lokaci, shi ya sa ka ce kowane shot idan ka kalle shi shi kaɗai sai ka ga ya yi. Ba ƙarya idonka ya yi ba, sabawa ya yi.

Autan Edita:
Subhanallah, a kunne yake kuwa, daga ƙarfe bakwai yake kama kansa. Na kashe. Na sa 0.91 da 1.23, ƙura ta fito a bangon baya kamar yadda Oga ya faɗa, na sauko 1.16. Takardar yanzu 637, 640, 603. Fuskar ango ta dawo ta mutane, shaddarsa kuma ta ɗan yi shuɗi-shuɗi kamar yadda na gan ta da idona ranar. Amma yanzu sabuwar matsala: mutanen da ke can baya ƙarƙashin fitilun rufi sun koma shuɗi da ɗan kore. Sannan saura shot 139. Haka zan bi su ɗaya bayan ɗaya?

Tsohon Hannu:
Na bayan nan ba kuskurenka ba ne. Fitila iri biyu a hoto ɗaya ba su da fari ɗaya. Ka daidaita wa na ɗorawa, na rufi da suke wajen 6500 dole su yi shuɗi, koren kuma halin ƙananan fitilun LED masu araha ne. Ka zaɓi wanda ka zo ɗauka, wato ango da amarya. Idan bayan ya dame ka, sabon nod da `Alt+S`, ka zana `Power Window` mai laushin baki a kan bayan, ka rage `Sat` daga 50 zuwa wajen 35, ka ɗan tura shi wajen ɗumi. Kada ka nemi mayar da shi fari tas, zai nuna an yi aiki a wurin.

Sauran 139 kuwa, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan shot ɗin da ka gyara shi ne limaminka, kowa shi zai bi. Danna dama a kan hoton, `Grab Still`, ya shiga `Gallery`. Daga yau kada ka ƙara gwada shot da wanda ke gabansa, da limami kawai za ka gwada. Idan na biyu ya bi na ɗaya, na uku ya bi na biyu, kowanne da ɗan kuskuren da ido ba ya gani, kafin ka kai na arba'in ka bar hol ɗin ba ka sani ba.

Sai ka kasa shot ɗin bisa haske, ba bisa jerinsu ba. A yadda ka kwatanta ina ganin kashi huɗu: kyamararka a gaban ango da amarya, kyamararka a cikin jama'a, sai ta abokinka a waɗannan wurare biyun. Na kashin farko ka zaɓe su duka, ka danna tsakiyar linzami a kan limamin, gyaransa zai hau kansu. Tunda kyamararka a kulle take, abin da zai saura ɗan haske ne nan da can. Na cikin jama'a ka yi musu nasu ƙaramin limami: 5600 ɗinka tana kusa da fitilun rufi, don haka wataƙila ɗan kore kawai za ka cire da `Tint`. Ka jera shi da babban limami a `Split Screen` har sai fata ta zo ɗaya a duka biyun.

Na abokinka ne za ka zauna musu. Kowanne ka danna hoton limami sau biyu a `Gallery` ya raba maka sikirin, ka bi tsari ɗaya kullum: baƙi ya zauna inda na limami yake, fari ya kai inda nasa ya kai, sannan kala, sannan ƙarfinta. Akwai `Shot Match to This Clip`, kana iya gwadawa, amma yana yin abin kirki ne idan shot biyun abu ɗaya suke nunawa. Ka haɗa masa teburin ango da filin rawa cike da jan anko, zai ba ka abin mamaki. Wanda kuma kalarsa take canzawa a tsakiyar shot saboda `AWB`, ko ka yanka shi a inda ya juya ka gyara kowane rabi, ko ka sa `Dynamic Keyframe` a farkon juyin da ƙarshensa. Idan yana da yawa, ni nakan koma wajen yanka in gajarta shot ɗin kafin juyin ya fara.

Na Damagaram:
Barkanku da aiki. Ina bin zancen tun ɗazu. Tambayata a kan fata ce. A `Vectorscope` akwai layin nan da ake kunnawa, `Show Skin Tone Indicator`. Wani ya ce min don fatar Turawa aka yi shi, mu ba ya yi mana aiki. Ni kuma ina aikin wani shiri na gaskiya a kasuwar dabbobi, lokacin hunturu, hazo ya rufe komai, babu wani farin abu da zan dogara da shi sai fuskokin mutane.

Tsohon Hannu:
Barka dai malam. Layin yana yi mana aiki. Shi `Vectorscope` ba ya auna haske, nau'in kala da ƙarfinta kawai yake nunawa, kuma fatar ɗan Adam, baƙa ko fara, tana faɗawa kusa da wannan layi tsakanin ja da rawaya. Bambancinmu a haske yake da kuma nisan da ɗigon yake yi daga tsakiya. Ka zana ƙaramar taga a goshi ko kunci, ka danna `Shift+H` don ya ware wurin, ka ga inda ya faɗa. Idan ya karkata wajen rawaya da kore, ko wajen ja da ruwan hoda, ka san inda za ka ja. Sai dai ka guji inda fata take ƙyalli. Baƙar fata mai maiƙo tana mayar da kalar sama ko ta fitila, sai ka auna sararin sama kana zaton fata kake aunawa.

Auta, kai kuma kada ka auna da fuskar amarya. Hodar da aka yi mata tana iya karkata ko'ina. Ka auna da ango ko wani dattijo.

Na Damagaram:
To hazon fa? Idan na mayar da fata kan layi, sai hazon ya koma toka-toka kamar na damina, alhali duk wanda ya san hunturunmu ya san ƙura ce mai ɗan ja. Ina jin kamar na yi wa wurin ƙarya.

Uwar Ɗakin Hoto:
Wannan ita ce damuwata da maganar a mayar da komai fari tukuna. Masu biki kuɗi suka biya aka jera musu fitilun ɗorawar nan don wurin ya yi ɗumi. Idan Auta ya wanke shi tas, uwar amarya za ta ce wannan ba hol ɗinmu ba ne, asibiti ne.

Tsohon Hannu:
Hajiya kin yi gaskiya, kuma nan ne mataki na biyu yake shigowa. Ana daidaita fari ne don shot 140 su tsaya a sahu ɗaya, ba don a miƙa aikin haka ba. Ɗumin za a mayar, amma sau ɗaya, a wuri ɗaya, da ƙima ɗaya ga kowa. Auta, bayan ka gama daidaitawa, ka zaɓi duk shot ɗin dina, danna dama, `Add into a New Group`. A saman wurin nod za ka ga zaɓi: `Group Pre-Clip`, `Clip`, `Group Post-Clip`, `Timeline`. Gyaran da ka yi wa kowane shot yana `Clip`. Salon da kake so ka gina shi a `Group Post-Clip`, zai hau kan duk 'yan ƙungiyar bayan gyaransu.

Ka fara da kaɗan. Nod ɗaya `Contrast` wajen 1.1. Nod na biyu ka ɗan tura `Gain` wajen ruwan goro har takardar nan ta koma kamar 660, 640, 600, ka bar baƙi a baƙinsa. Idan jan ankon yana ihu, `Hue vs Sat` ka sauke ja kaɗan, ka lura kada leɓe da fata su mutu tare da shi. Idan har yanzu kana son LUT ɗinka, nan ne wurinsa, a nod na ƙarshe, ka je `Key` ka sauke `Key Output Gain` zuwa 0.4 ko 0.5. Amfanin wannan tsari, idan mai biki ta ce ya yi ja da yawa, nod ɗaya za ka taɓa. Kamun da kuka yi da rana ka ba shi ƙungiyarsa daban.

Malam na Damagaram, kai ma haka: ka daidaita su duka, sannan ka mayar da ƙurar a sama da gwargwadon da ka tuna.

Na Damagaram:
Na ji, amma ban gamsu duka ba. Ƙurar safe daban take da ta azahar, kuma wannan bambancin yana cikin labarin da nake bayarwa. Idan na wanke su duka na shafa musu ja iri ɗaya, na rasa shi. Ina ganin zan yi limami uku, safe, rana da yamma, kuma ba zan kai kowanne fari tas ba.

Tsohon Hannu:
A shirin gaskiya wannan hujja ce mai ƙarfi, ba zan ce ka yi kuskure ba. Ni dai da zan yi, zan kai su fari in dawo, don in san nawa na ƙara. Ka gwada duka biyun a kan shot goma ka nuna mana.

Autan Edita:
Alhamdu lillahi, na gama kashi uku cikin huɗu. Na kyamarata ko awa ɗaya ba su ci ba. Na abokina guda 52 ne, 9 daga ciki kalarsu tana juyawa a tsakiya, na yanke 6, ina fama da 3 na wurin yanka kek waɗanda ba yadda zan yi in cire su. Na gina salon a `Group Post-Clip`, LUT ɗin a 0.4, koren nan bai dawo ba.

Sai dai na tura wa yayar amarya ɗan guntu ta gani, ta ce kala ta yi kyau amma a ƙara wa amarya haske, ta fi haka fari. Na auna, fuskarta tana inda take a ainihin ɗaukar, ban rage mata komai ba.

Mai Tafiya da Kyamara:
Ka ƙara mata kawai, mai kuɗi ta yi magana. Taga a fuska, ka bi ta da `Tracker`, ka ɗaga `Gamma` kaɗan.

Uwar Ɗakin Hoto:
Kafin ka taɓa komai, ka tambaye ta a wace waya ta kalla kuma hasken wayar a nawa yake. Sau da yawa a rana tsaka ake kallo da sikirin a dushe. Idan ta nace, ni iyakata ɗan haske kaɗan a fuska irin wanda fitila za ta iya bayarwa, kuma in haɗa da wuya da hannuwa, domin fuska fara da hannu mai lalle a kalarsa ta asali kowa zai gane. Abin da ya wuce haka ba na yi, nakan gaya musu a fili cewa canza mata fata ne, kuma 'ya'yanta za su kalli wannan bidiyon wata rana. Amma a shot nawa amarya ta fito, Auta?

Autan Edita:
Na ƙirga, 61. Bari in kira yayar tukuna in ji a ina ta kalla.